Lambar da Yaya Ya Bar Min

Shekara talatin da wani abu na yi ina koyar da lissafi a firamare, kuma a duk tsawon lokacin nan ba a taɓa ajiye min lamba a gaba na kasa kiran sunanta ba, sai da Yaya ya mayar da wayarsa Larabci. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya, ya girme ni da shekara shida. Shi aka bari a allo har ya sauke, ni aka tura boko, kuma tun muna yara kowannenmu yake ganin ɗan'uwansa ne aka cuta. Da na yi ritaya na bar cikin Gwarzo na dawo gidanmu na gado a wani ƙauye ta ɓangaren Mainika, shi yana sashen gabas da iyalinsa, ni ina na yamma da maiɗakina.

Yaya ba ya rubuta boko. Da ya gano cewa waya tana jin Larabci, sai ya juya ta gaba ɗaya. Agogonta ya koma Larabci, kalanda ma haka, Hausa kuwa da ajami yake rubuta ta. Ni ban ce laifi ba ne. Abin da ya dame ni shi ne har lambobi suka bi, waɗanda nake ganin su kam ba su da yare.

Ranar da na fara shan kunya muna zaune ne a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, mu wajen shida. Yaya yana son sayen injin feshi mai batir, ya buɗe wata manhajar saye da sayarwa a wayarsa, ga shi ya baro tabarau a ɗaki. Sai ya miƙo min.

"Ɗan boko, duba min nawa suka sa."

Na karɓa da ƙarfin gwiwa. Ga hoton injin, ga farashi a ƙarƙashinsa, ٦٥٬٠٠٠, domin manhajar tana bin yaren da aka sa wa waya. Idona ya ga bakwai, ya ga sifiri, sai wani ɗan waƙafi da ɗige-ɗige uku. Na san injin feshi ba zai yi naira saba'in ba, amma a maimakon na yi shiru sai na ɗora wa masu manhajar laifi.

"Sun yi kuskure, Yaya. Saba'in suka rubuta, suka bi shi da ɗige-ɗige. Ba su ƙarasa ba."

Yaya ya karɓi wayar, ya nesanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, sannan ya fashe da dariya har da dukan cinya. Abin da na kira bakwai shida ne. Abin da na kira sifiri biyar ne. Ɗige-ɗigen da na raina su ne sifirin. Dubu sittin da biyar. Mutanen dakali suka ɗauka, aka yi wata guda duk wanda zai sayi goro sai ya ce a tambaye ni ko saba'in ne. Na ji haushi ƙwarai, kuma a zuciyata na yi alkawarin ba zan sake tambayar Yaya komai a kan waɗannan lambobi ba. An ce girman kai rawanin tsiya, ni kuwa ranar na naɗa nawa har da kunnuwa biyu.

Ƙarshen damina Yaya ya samu tafiya Umara shi da matarsa. 'Ya'yansa maza duk suna Kano, don haka ni ya bar wa amanar shanunsa, bijimai biyu na huɗa, fari da baƙi. Shekara huɗu suna jan garma tare, da kaka kuma su ne ke jan amalanken da ke kwaso amfanin gonar gidan gaba ɗaya, har da nawa. Duk wanda ya san shanun aiki ya san ba ɗaiɗai ake lissafa su ba. Idan ɗaya ya tafi, ɗayan ya zama rabin abu, sai an sake shekara ana horon wani kafin kafaɗunsu su daidaita a karkiya. Farin shi ne ɗan lelen Yaya, tun yana maraƙi ya saye shi.

Ana gobe za su tashi ya kira ni turke yana yi min bayani kamar ban taɓa ganin shanu ba.

"Idan wani abu ya taso, kada ka tsaya kame-kame. Malamin dabbobin nan na Kabo za ka kira, shi ya san su. Ya sauya layi, mutane da yawa ba su da sabon. Na turo maka."

Wayata ta yi ƙara a aljihu. Yaya yana da wata manhaja da yake ajiye rubuce-rubucensa a ciki, hoton shafin ya ɗauka ya turo. Na duba. Ajamin na iya haɗa shi da ƙyar, da ɗan abin da ya rage min na allo: malamin dabbobi, Kabo, sabuwar lamba. A gaba kuma ga lambar nan an raba ta gida uku, duk da waɗancan ƙugiyoyi da ɗige-ɗige.

"Ka gani?" in ji Yaya.

Yana tsaye a gabana, bakinsa da rai, lambar tana kansa. Minti ɗaya ya isa ya karanto min na rubuta da hannuna. Amma na hango dariyar nan tana taruwa a gefen bakinsa.

Na ce, "Na gani."

Kwana tara ba abin da ya faru. A na goma, da sassafe, farin ya tsinke igiya ya faɗa gonar waken da ke bayan gida, ganyen ɗanye shar, ga raɓa a kai. Kafin a lura ya ci ya more. Da hantsi ya ɗaga sai ga cikinsa ya fara tashi ta ɓangaren hagu, ya daina tuƙa, yana ta shure-shure yana waiwayar cikin. Na aika aka kira Baba, ƙanin mahaifinmu, wanda ya girma a cikin shanu kuma shi ne babba a gidan yanzu. Ya ƙwanƙwasa kuiɓin da yatsa, ya ji yana amsawa kamar ganga.

"Kumburi ne. A kawo man gyaɗa a kwalba, a sa masa itace a baki, kada a bari ya kwanta. Kai kuma kira malamin nan. Idan mai bai sauke shi ba sai an huda, ni kuwa hannuna rawa yake yi yanzu, ba zan huda san mutane ba."

Aka ɗura man, aka shiga zagayawa da shi. Ni na koma gindin darbejiya na buɗe hoton Yaya.

Na fara da kiran Yaya kansa. Layinsa na gida ba ya aiki a can, sai ya koma masauki ya samu intanet ake samun sa, kuma Yaya idan ya shiga Harami da asuba ba ya fitowa da wuri. Na tura saƙo, ya tsaya da alama ɗaya bai shiga ba. Na tambayi maƙwabta, mutum biyu suka ba ni lamba, duka tsohon layin ne, a kashe. Wani masanin dabbobi da na sani a Gwarzo ya ɗauka, ya ce yana Kano. Ya rage daga ni sai hoton nan. Da rubutu Yaya ya turo wataƙila da na danna a kai wayar ta yi wani abu, amma hoto hoto ne, komai dannawa sai dai ya ƙara girma.

Na tuna darasin dakali: mai kama da bakwai shida ne, mai kama da sifiri biyar ne, ɗigo sifiri ne. Ɗaya da tara sun yi min mutunci sun zo da kamanninsu. Sauran fa? Akwai wata mai baki sama, akwai 'yar'uwarta mai baki ƙasa. Akwai biyu masu haƙora a ka, ɗaya ta fi ɗaya yawan haƙora. Akwai wata da ta yi kama da uku ta juya baya. Na zauna ina huci ina tambayar kaina wane irin mutum ne zai ga sifiri mai kyau zagayayye ya ce biyar ne.

Sai dabara ta zo min, kuma har yau ina ganin dabara ce mai kyau. Ayoyin Alƙur'ani bugun zamani suna da lamba a ƙarshen kowace, a jere. Na yi alwala a gurguje na shiga ɗakin maiɗakina, domin nata ne mai manyan baƙaƙe. Shekara bakwai ke nan tana zuwa Islamiyyar matan aure, ni kuwa ban taɓa tambayar ta me ake koya musu ba, ban da tsokanar da nake yi mata cewa an tsufa ana ɗaukar jaka. Tana tsakar gida tana tankaɗe ta gan ni na fito da Alƙur'ani da biro.

"Malam, lafiya? Tofi za ka yi masa?"

"Ba tofi ba ne. Lissafi ne, ci gaba da aikinki."

Ta ci gaba da aikinta, kamar yadda na ce.

Na bi ayoyi ina ƙirgawa da yatsa ina zana jadawali a bayan wata takarda. Mai haƙora kaɗan, ٢, biyu ce. Mai haƙora da yawa, ٣, uku. Mai juya baya, ٤, huɗu. Mai baki sama, ٧, bakwai, mai baki ƙasa, ٨, takwas. Da na kai aya ta goma na ga ١٠, ɗaya a hagu, ɗigo a dama, daidai yadda muke rubuta goma. Na ji daɗi har na yi murmushi ni kaɗai. Ashe ko a Larabci lamba daga hagu ake karanta ta. Na ƙirga lambar Yaya har da ɗige-ɗigen, goma sha ɗaya cif. Na kwafe ta daga hagu zuwa dama, tun daga farkon gida na ɗaya har ƙarshen na uku.

Abin da ya fito bai fara da sifiri ba. Wannan kaɗai ya isa ya tsayar da ni, amma gaggawa ta hana. Na buga. Matar nan ta cikin waya ta ce lambar ba daidai ba ce, da muryarta mai sanyi wadda ba ta taɓa ganin bijimi yana kumbura ba. Na ƙara sifiri a gaba, ta ce ba daidai ba. Na cire ta ƙarshe, ta ce ba daidai ba. Na ce ko na musanya bakwai da takwas ne, na juya su, ta maimaita min. Na sake komawa ayoyi na tabbatar da jadawalina, babu kuskure ko ɗaya. Wannan ya fi komai ƙona min rai, a ce kowace lamba na san ta amma gaba ɗayansu sun ƙi zama lambar mutum.

Baba ya zo ya tsaya a kaina, rigarsa duk mai.

"Ya ɗauka?"

"Lambar ce ta ƙi, Baba."

Na nuna masa abin da na yi. Baba bai san lambobin ba, amma ya yi allo, kuma abu ɗaya da ya tabbata da shi a duniya shi ne ta inda ake fara Larabci.

"Kai ma dai. Ina ka taɓa ganin an faro Larabci daga hagu? Boko ya juya maka kai. Faro daga dama."

"Baba, lamba daban take. Ga goma nan, dubi..."

"Ni za ka koya wa? Faro daga dama na ce."

Na faro daga dama, ɗaya bayan ɗaya, har na fita ta hagu. Ita ma ba ta fara da sifiri ba. Na buga don kada a ce na ƙi bin maganar babba, matar ta ba ni amsar da ta saba. Baba ya ce to ban kwafa daidai ba ne. Na ce na kwafa daidai. Muka tsaya muna musu a gindin bishiya, tsoho da ɗan tsoho, sa yana nishi a bayanmu. Zuwa lokacin cikin ya haura ƙashin bayansa ta hagu, ya buɗe baki, harshe a waje, ƙafafunsa na gaba a warwatse. Wani ya riga ya je ya kira mahaucin ƙauyenmu ba tare da an tambaye ni ba. Na gan shi tsaye daga nesa, ya yi sallama da ladabi, wuƙarsa a naɗe cikin tsumma. Kowa ya san dalilin zuwansa: idan san ya mutu da kansa ya zama mushe, ko fatar bakin wani ba za ta taɓa shi ba.

Na ce a ba ni lokaci. Na tura mai babur Kabo ya nemo malamin a shagonsa, duk da na san mutumin yawo yake yi ƙauye-ƙauye, ba a cika samun sa a zaune ba. Na koma cikin gida zan mayar da Alƙur'ani, na zauna a bakin ƙofa da wayar a hannu, na rasa abin yi. Sau uku ke nan ina wuce maiɗakina a tsakar gidan nan. A wannan karon ba ta tambaye ni ba, ta ajiye rariya ta goge hannu a zani ta miƙo shi.

"Malam, ba ni na gani."

Na ba ta, don ba ni da sauran ƙarfin gardama. Ta ƙara girman hoton da yatsu biyu, ta duba bai fi na numfashi uku ba.

"Ai ga farkonta nan."

Ta ɗora farce a kan gidan da ke can dama, amma a gefensa na hagu, inda wani ɗigo yake zaune.

"Lambar waya ba da sifiri take farawa ba? To ga sifirin. Yaya rubutu yake yi daga dama, ya rubuta huɗun farko ya ba da fili. Da ya ba da fili sai wayar ta matsa hagu, kamar ya gama kalma zai shiga wata. Ya rubuta uku, ya ba da fili, ta sake matsawa. Gidajen daga dama za ka bi su. Amma in ka shiga cikin gida, daga hagu za ka karanta, kamar lambar aya."

Wato ni da Baba kowa ya riƙe rabin gaskiya yana jan ɗan'uwansa da ita. Ta karanto min a bakinta, sifiri, takwas, sifiri, har ƙarshe, ko jadawalina ba ta kalla ba. Na buga. Ta shiga. Bugu biyu aka ɗauka.

Na yi masa bayani ina haɗa kalmomi. Ya tambayi tun yaushe, na faɗa. Ya tambayi ko san yana tsaye, na leƙa ta kan katanga na ce yana tsaye amma yana tangaɗi. Sai ya ce:

"Malam, ai da hantsi ina nan ɓangarenku, na yi wa wasu tumaki allura. Ta mararrabar ƙauyenku na wuce, da kayan hudawar a jakata. Yanzu na shigo Kabo. Ga ni nan zan juyo, amma ku sa ido. Idan ya faɗi ya kasa tashi, kada ku jira ni."

Da hantsi. Lokacin da nake alwala ina ƙirga ayoyi, mutumin yana wucewa a kan babur inda da na ɗaga murya daga bakin hanya zai ji ni.

Bai iso a kan lokaci ba. Ana gab da kiran azahar farin ya durƙusa, ya kife ta gefe, idonsa ya juya. Baba ya dube ni, domin ni aka bar wa amana, ni zan ce. Na ɗaga kai alamar a yanka. Mahaucin ya warware tsummansa, aka juya san ya fuskanci gabas. Baƙin yana ɗaure a turke yana ta jan igiya yana kuka, sai da aka kai shi bayan gida. Malamin dabbobi ya iso ana fiɗa, ƙura har gira. Ya duba tumbin, ya ce kumfa ce ta cika shi, kuma da an same shi da wuri akwai kyakkyawan zato. Na so a ce bai faɗi wannan ba, amma ni na tambaye shi.

Bayan la'asar saƙona ya shiga, sai ga kiran Yaya. Na faɗa masa komai, ban rage ba, har da tsayawata musu da Baba. Ya yi salati, ya ce Allah ya sa iyakar abin ke nan, ya tambayi ko an raba wa maƙwabta nama. Na ce an raba, sauran kuma mahauci ya ɗauka a yadda ake ɗaukar naman gaggawa. Ina jira ya yi faɗa, na ma shirya amsoshina: wa ya ce ya juya waya Larabci, wa ya ce ya raba lamba gida uku, wa ya ce ya turo hoto. Duk suna bakina. Shi kuwa a hankali ya yi magana.

"Ai na tambaye ka. Ka ce ka gani."

Daga nan ya yi sallama ya kashe.

Kakar bana da amalanken haya muka kwaso dawa. Baƙin an gwada shi da san wani maƙwabci, suka ƙi tafiya tare, ɗaya na ja ɗaya na turjewa, aka haƙura. Karkiyar tana rataye a zaure, duk wanda zai shiga gidan sai ya wuce ta ƙarƙashinta, ni kuma sau biyar a rana nake wucewa.

Har yanzu ina jin haushin lambobin nan, kada wani ya ɗauka mun shirya. Ina jin haushin biyar da ta yi shigar sifiri, ina jin haushin wayar da ke ɗaukar fili ta mai da shi dalilin juya wa mutum lamba. Na faɗa wa maiɗakina haka, ta ce ita dai tana tsakar gida tun safe, kuma wayar ba ta hana kowa tambayar ta ba.

Da Yaya ya dawo an raba tsaraba, dabino da zamzam da carbi. Ni nawa daban ya miƙo min a kwali. Na buɗe, agogon bango ne, fari, da lambobinsa goma sha biyu duk na Larabci. Na ɗago na dube shi ina neman dariyar nan a gefen bakinsa don na samu abin kamawa na yi fushi. Babu ita. Idonsa yana kan turken farin da babu komai.

"Ka rataye shi inda za ka riƙa gani," in ji shi.

Yana ɗakina, saitin gado. Maiɗakina ce ta riƙe min kujera na hau na buga ƙusar.